Haɗin Ayaba da Madara: Kada Ya Yi Ruwa, Kada Ya Yi Tsaki-tsaki

Tambaya: Anti, in na markaɗa ayaba da madara da ƙanƙara, ko dai ya tsinke ko ya yi tsaki-tsaki. Ina mafita?

Amsa: Ƙanwata, laifin ƙanƙara ne. Manyan gutsattsari ba sa narkewa a injin, in kuma kika daɗe kina markaɗawa, sai su koma ruwa. Ki ɓare ayaba biyu nunannu, ki yayyanka, ki sa a firiza su daskare. Su za su ba ki sanyi da kauri. Fara zuba madara kofi ɗaya, sannan ayabar. In madarar gari ce, ki dama ta tukuna, don ita ma tana yin gudaji. Ƙanƙara kuwa, kada ta wuce rabin kofi: ki ƙunshe a tsumma mai tsabta, ki daddaka, ki zuba daga ƙarshe. In ya yi kauri, ƙara madara cokali-cokali, ban da ruwa.