Zuwa ga 'yata a Bagauda, kafin takardar ɗa'ar aikin lauya

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce shari'ar farar hula da dokar kamfanoni ne ke hana ki barci, ita kuwa takardar ɗa'ar aikin lauya kin bar ta sai makon ƙarshe, tunda duk ɗan gidan mutunci ya san amana. Maganar nan ce ta sa na zauna rubuta miki. Na ga yara masu tarbiyya sun fito daga wannan takarda jiki a sanyaye, domin mai duba takarda ba tarbiyyarki yake aunawa ba. So yake ya ga ko za ki iya ɗaukar labari mai sarƙaƙiya ki ce ga ƙa'idar da ta hau kansa, ga inda ta tsaya, ga abin da lauya zai yi da safe in ya shiga ofis. Wannan kuwa ba ya samuwa da karatu kaɗai, sai an zauna an rubuta.

Ki zaɓi safiyar Asabar, ki sami aji wanda ba kowa. Ki bar waya a ɗaki, ki bar littafi da takardun darasi, ki tafi da biro biyu da agogo da farar takarda. Ki roƙi wata abokiyar karatunki ta zaɓo miki tambayoyin shekarun baya waɗanda ba ki taɓa gani ba, ta ba ki su a naɗe. Ki ba kanki daidai lokacin da makaranta ke bayarwa, ki raba shi bisa makin kowace tambaya, kuma in lokacin tambaya ya ƙare ki ja layi ki wuce ko da kina tsakiyar jimla. Da hannu za ki rubuta, cikakkun jimloli, domin hannu ma yana gajiya, gara ki san gajiyarsa tun yanzu. Abu ɗaya kuma: Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya na 2007, waɗanda muka daɗe muna aiki da su, an maye gurbinsu da na 2023, da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Kada ki yi bita da tsohon kwafin wani, don sabon ya zo da babi guda a kan halatta kuɗin haram.

Ga tambaya na shirya miki. A 2015 wani Alhaji mai sayar da hatsi a Dawanau ya sayi filin gado ya gina sito. A 2019 ya je wurin lauya neman shawara, ya faɗa masa cewa ɗaya daga cikin magadan, mace, ba ta taɓa yarda da cinikin ba, shi ya sa wani ya dangwala yatsa a madadinta. Lauya ya rubuta masa shawarar ya neme ta su sasanta. Alhaji bai bi ba, kuma ya riƙe cikon kuɗin aikin, naira 400,000. A 2024 matar ta zo ofishin lauyan tana so ya shigar mata da ƙara a kan filin. Lauya ya ce zai miƙa aikin ga ƙaramin lauyan da ke ofishinsa. Da dare Alhaji ya bugo waya, ya ce ya shirya yara za su lakaɗa wa mai shaidar matar duka ranar kasuwa, yana so lauya ya nuna masa yadda zai yi kada abin ya biyo shi. Ki ba lauyan shawara.

Kafin ki rubuta komai, ki ɗauki minti biyar ki jera shekarun a gefen takarda: 2015, 2019, 2024. A ƙarƙashin kowace ki rubuta wa ya ɗauki lauya a lokacin, me aka faɗa masa. Rabin makin yana cikin shekarun nan. Mai gaggawa yana ganin kalmar laifi sai ya ce ai sirri ya faɗi, a tona. To, laifin nan biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Dangwalen ƙarya an yi shi a 2015, shekara huɗu kafin Alhaji ya taka ofishin lauya. Ya faɗe shi ne don neman shawara, saboda haka yana cikin abin da ƙa'ida ta 19 ta ce a rufe, kuma sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana shi sai da yardar mai maganar. Togon da sashen ya yi guda biyu ne: maganar da aka yi don a cim ma haramtaccen nufi, da abin da lauya ya gani da kansa yana nuna an aikata laifi ko zamba bayan an ɗauke shi aiki. Na 2015 bai shiga ko ɗaya ba. Ki ƙara da cewa ƙarewar aikin ba ta kwance nauyin ba, sashen da kansa ya ce yana nan bayan an rabu. Na san zuciyarki za ta ce ga mace an cinye mata gado, ga mai gaskiyar a bakinsa ya yi shiru. Ni ma abin yana min nauyi har yau. Amma in mutane suka san lauya zai kai maganarsu waje, ba wanda zai ƙara faɗa masa gaskiya, shawarar nan ta a je a sasanta ma ba za a sami damar bayar da ita ba.

Wayar daren 2024 daban take. Laifin bai auku ba tukuna, kuma Alhaji yana neman lauya ya taya shi ne. Wannan magana ba ta da kariya, kuma ƙa'ida ta 19 ta ba lauya damar bayyana niyyar aikata laifi da bayanin da ake bukata don a hana shi. Ki lura da lafazin da kyau, domin a nan ake zubar da maki: ƙa'idar ta ce yana iya bayyanawa, dama ta bayar. Ki rubuta hakan, sannan ki faɗi ra'ayinki, cewa tunda lafiyar mutum ce a kan gaba, lauya ya gargaɗi Alhaji, in bai janye ba ya sanar da 'yan sanda. Abin da zai faɗa shi ne wa za a daka, yaushe, a ina. Bai sami lasisin ɗora labarin 2015 a kai ba.

Haka batun naira 400,000. Gaskiya ne lauya na iya bayyana abin da ya zama dole don ya karɓi haƙƙinsa ko ya kare kansa daga zargi. Abin da ya zama dole a nan shi ne an ɗauke shi aiki, ya yi, an yi jinga kaza, an biya kaza. Dangwalen yatsa ba ya cikin lissafin, kuma in ya tsorata Alhaji da shi don a biya shi, ya juya sirri ya zama makami a kan mai shi, abin da ƙa'idar ta hana ƙarara.

Sai batun raba ƙafa, wato ƙa'ida ta 17. Kada ki rubuta cewa lauya ba ya taɓa tsayawa a kan wanda ya taɓa yi wa aiki, wannan ya wuce gona da iri. Da ƙarar matar ta bashin mota ce da ba ta da alaƙa da filin, da maganar ta sauya. Matsalar ita ce filin ɗaya ne, kuma abin da lauya ya sani shi ne zuciyar shari'ar. In ya yi amfani da shi ya ci amanar Alhaji, in ya ɓoye shi ya tauye matar, wadda ke da haƙƙin ya yi mata aiki da duk abin da ya sani. Ɗalibai da yawa suna tsayawa a kan cewa yardar ɓangarorin biyu tana warware komai. Ki tambayi kanki: yardar da ƙa'ida ke nufi sai bayan cikakken bayani, to yaya zai yi wa matar cikakken bayani ba tare da ya tona asirin Alhaji ba? Ga kuma bashin da yake bin Alhaji, wanda muradin kansa ne a cikin lamarin. Ƙaramin lauyan ma bai zama mafita ba, domin ƙa'idar ta ce in an hana lauya karɓar aiki, hanin ya hau abokan aikinsa na ofis ɗaya. Shawarar ita ce ofishin gaba ɗaya ya ƙi aikin, a gaya wa matar cikin mutunci cewa ba za a iya tsaya mata a wannan shari'ar ba, ta nemi wani lauya ba tare da jinkiri ba. Abin da ta faɗa a zaman nan shi ma sirri ne, ba a kai wa Alhaji.

Kowane ɗayan waɗannan ki ba shi sakin layinsa: ki faɗi batun a jimla ɗaya, ki kawo ƙa'idar, ki ɗora ta a kan Alhaji da matar da shekarunsu, ki yanke. In lambar ƙaramin sashe ta ɓace miki, ki faɗi abin da ƙa'idar ta ƙunsa daidai, ya fi ki ƙirƙiro lamba. A ƙarshe jimla biyu sun isa a kan abin da zai biyo baya in lauya ya saɓa: ƙorafi gaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ke iya jan kunne, ko dakatarwa, ko soke suna daga rajista.

Akwai wani yaro da ya zo ofishinmu horon sanin aiki, na ba shi tambaya mai kama da wannan. Ya cika shafi uku da kyakkyawan rubutu a kan girman amana da mutuncin lauya, har da aya da hadisi, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ɗauki jan biro ina neman inda ya ambaci shekara ko ɗaya daga cikin labarin, ban samu ba. Na miƙa masa biron na ce ya ja layi ƙarƙashin duk jimlar da za ta iya zama amsar wata tambayar daban. Ya yi ta ja har ya kai ƙarshe, jimla huɗu suka tsira. Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce a ba shi wata tambayar. Wannan gwajin za ki yi wa takardarki, amma ba a ranar ba. Ki bar ta ta kwana, washegari ki buɗe ƙa'idojin da Dokar Shaida a gefe ki duba. Ki ware kurakuran gida biyu: inda ba ki san ƙa'idar ba, wanda maganinsa karatu, da inda kin sani amma ba ki gan ta a cikin labarin ba ko lokaci ya ƙure miki, wanda maganinsa sake zama wata Asabar ɗin. Sau uku kafin jarrabawa zai wadatar.

Tunda na riga na warware miki tambayar Alhaji, ga sauyi biyu ki gwada da su. Na farko, a ce dangwalen ƙaryar an yi shi ne a 2019, bayan an ɗauki lauya, kuma lauya ya gano shi da kansa a cikin takardun. Na biyu, a ce ba lauya ba ne ya fitar da maganar, akawun ofis ne ya faɗa wa wani a wurin mai shayi. Ki duba sashe na 193 da abin da ƙa'ida ta 19 ta ɗora wa lauya game da ma'aikatansa. Minti talatin da biyar kowace, littafi a rufe. Ki ɗauki hoton takardun ki turo min ranar Lahadi bayan la'asar, zan duba su da jan biro in kira ki. Innarki tana gaishe ki. Allah ya ba da sa'a.

Baffanki.