DARASIN GAISUWA DA HARSHEN EWE GA YARANMU NA KARA

'Yan'uwa dillalai da fatake, wannan darasi na yaran da ke sauka Lome ne da shanu daga Sinkase da Dapango, ba Faransanci ba Ewe. A cikin Zongo Hausa ta ishe su. Amma tun da hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka mai da mu arewacin birni wajen Agowe, maƙwabtanmu da masu sayen nama da yawa Ewe ko Mina suke ji. Harsunan biyu dangin juna ne na kusa, wanda ya gaisa da ɗaya za a amsa masa da ɗayan. Mun rubuta kalmomin da baƙaƙenmu na Hausa, don su suna da wasu baƙaƙe nasu dabam.

Abin da muke so a gane shi ne, gaisuwarsu tambaya ce da amsa, kamar tamu. Yaro ya haddace kalma ɗaya ya jefa, aka mayar masa da tambaya ya yi tsuru-tsuru, to bai gaisa ba tukuna.

Da safe ana cewa "ndi", da rana "ndo", da maraice "fiye". Ga mutum ɗaya a ƙara "na wo", ga jama'a "na mi". Wannan "n" ta farkon "ndi" da "ndo" ta hanci ce, irin wadda muke ƙarasa kalmar "nan" da ita. Kada a ce "indi". Ga yadda za ta kasance tsakanin dillali da mahauci da safe:

Dillali: Ndi na wo. (Barka da asuba.)
Mahauci: Ndi. Afeme towo de? (Mutanen gida fa?)
Dillali: Woli. (Suna nan.)
Mahauci: Efo a? (Ka tashi lafiya?)
Dillali: E, mefo. Wo ha efo a? (I, na tashi. Kai ma ka tashi?)
Mahauci: E, mefo.

A lura da abu biyu. "De" a ƙarshe tana nufin "fa?", saboda haka ko yaro bai gane wa ake tambaya ba, ko yara ne ko mutan gida, in ya ji "de" ya amsa da "woli" galibi ya tsira. "A" a ƙarshe kuwa alamar tambaya ce mai neman i ko a'a. Masu Mina kan ce "mufo" maimakon "mefo", duk ɗaya ne.

Inda Bahaushe ke faɗuwa shi ne wannan "fo". Mu da leɓɓa biyu muke yin "f", su kuwa "f" biyu gare su: ta leɓɓa, da wadda ake ɗora haƙoran sama bisa leɓen ƙasa. "Fo" na tashi daga barci da haƙora ake yin sa, a kuma buɗe baki sosai, wasalin ya faɗa tsakanin "o" da "a". In aka yi shi da leɓɓa da "o" tamu ta Hausa, ya koma duka. Wato yaro yana nufin "na tashi" sai ya ce "na doka". Ita kuwa "f" ta "afeme" ta leɓɓa ce, wannan kyauta muka same ta. Alamar an kuskure ba ta ɓuya: mutumin zai yi murmushi ya juya maka zuwa Faransanci.

Sauran masu sauƙi ne. In ka iso aka ce "wezo", wato sannu da zuwa, ka ce "yoo", ka ja ta. A ƙofar gida ka ce "agoo", ka jira "amee" kafin ka shiga. Godiya "akpe" ce, ana haɗa "k" da "p" a furuci guda, ba "akife" ba. Wannan kalma kuma ita ce dubu, don haka in ana maganar kuɗi ka ji "akpe deka", dubu ɗaya ake nufi, ba gode maka ake ba.

Yadda muke koya wa namu, bibbiyu ake zaunar da su bayan an shayar da dabbobi, ɗaya dillali ɗaya mahauci, su yi layukan nan shida sau goma, sannan su musanya. Musanyar nan dole ce, don wanda ya iya tambaya kaɗai ba ya iya amsa. Mai koyarwa ya riƙa sauya musu jeri, yau ya fara da "efo a", gobe da "afeme towo de", don mutane a kara ba sa bin takarda. Bayan kwana uku a tura kowane yaro ya gai da mai sayar da koko ko ɗan acaɓa, ya dawo ya faɗi abin da aka amsa masa. Wanda aka amsa wa da Ewe har ƙarshe, a ƙara masa "nenie?", wato nawa ne, da "nyi", wato saniya.