Yadda Ake Zaɓen Hanyar Jin Ta Bakin Mutanen Ƙauye a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk wanda ya taɓa aikin tattara bayanai a kudancin Katsina ya san ba a ofis ake yanke shawarar hanyar da za a bi ba. Ƙauyen ne ke faɗa maka. Shi ya sa farkon abin da muke yi shi ne rubuta sunayen ƙauyuka, a gaban kowanne mu amsa tambaya uku: akwai sabis? Hanya na biyuwa a wannan makon? Wa muke son ji daga bakinsa?

Fom na intanet ba ya ɗaukar mu lokaci. Google Forms na buƙatar babbar waya, da data, da iya karatun boko. Don haka malaman makaranta da ma'aikatan asibiti na cikin gari kaɗai muke tura wa. Manomin Ruwan Godiya ko na Damari ba ta nan za a same shi ba.

Waya ce ke ruɗin sabon shiga, don tana da araha, kuma ba wanda zai hau hanya. Amma a Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Wanda ya ɗora aikinsa duka a kan waya, ranar ya tashi a tutar babu.

Ko da sabis, sai an yi kiran gwaji, kuma a nan gwaninta take. A ce kana da lambobi 40 daga wani ƙauye a yankin 'Yargoje. Kira kowace sau uku a ranaku dabam-dabam: da hantsi, bayan la'asar, da bayan isha'i. Kada ka tsaya ga lissafin waɗanda suka ɗauka. Rubuta dalilin rashin samun kowa. Wayar da ke kashe da rana, ta shiga da dare, tana wurin mai caji ne ko mai ita yana gona, sauya lokaci zai gyara wannan. Wadda ba ta shiga ko kaɗan, matsalar sabis ce. Wadda kuwa ke ta ringi ba a ɗauka, ko a ɗauka a ce "wa ya ba ka lambata?" a kashe, wannan tsoro ne. A yankin da 'yan bindiga ke kira su nemi kuɗin fansa, kuma zargin zama infoma na iya jawo wa mutum rasa rai, baƙuwar lamba mai tambayar buhu nawa ka noma ba abin wasa ba ce. Maganinsa shi ne mai unguwa ya riga ka sanar da jama'a sunan mai kira da ranar kira.

Daga nan sai ka duba su wa suka amsa. In 25 sun ɗauka amma mata 3 ne kawai a ciki, to magidanta ka ji, ba ƙauyen ba. Sau da yawa wayar gida a aljihun maigida take. Na taɓa jin wata baiwar Allah tana amsa tambayar awon ciki da "e" da "a'a" kawai, ina jiyo gyaran muryar mijinta a gefe. Daga ranar, duk tambayar da ta shafi haihuwa, ko kuɗi, ko abincin yara, ba na barin a yi ta a waya. Hira ta waya kuma kada ta wuce minti 15, don mutumin ƙila a kan tudu yake tsaye yana neman sabis.

Irin waɗannan tambayoyin sai ido da ido. A nan ne matan da suka goge a aikin rigakafin shan-inna suke nuna bajinta. Mace za ta yi sallama, ta shige har tsakar gida inda namiji ba ya isa, ta zauna a tabarma, ta tambayi lafiyar yara kafin ta ciro waya. Ana zuba tambayoyin a KoboCollect, wanda ke aiki ba tare da sabis ba, sai an dawo Funtuwa ko Malumfashi a tura.

Ziyara ma da ƙa'idarta. A gaida dagaci tukuna. A tambayi labarin hanya da safiyar ranar, wurin direbobin tasha, don labarin jiya ba ya aiki yau. A shiga da hantsi, a fito kafin la'asar. In aka ce kada a je, ba a zuwa. Sai a nemi mutanen ƙauyen a ranar kasuwa, ko inda suka yi gudun hijira cikin gari.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: a gaban kowace amsa a rubuta hanyar da aka samo ta, a kuma lissafa ƙauyukan da ba a kai ba. Su ne galibi suka fi shan wuya, kuma rahoton da ya yi shiru a kansu zai nuna yankin ya fi yadda yake sauƙi.