Cire Kirari, Saka Hujja: Yadda Ake Gyara Tarihin Daraktan Kamfani

Duk wanda ya fita horon sanin makamar aiki ya san yadda abin yake. Da zarar an gane kana iya kwamfuta, duk wani rubutu na ofis ya dawo kanka. A ƙaramin kamfanin da na yi nawa horon, wanda ke haƙa rijiyar burtsatse da kafa famfo mai aiki da hasken rana, aikin farko da aka ba ni shi ne in "gyara" taƙaitaccen tarihin oga, wanda ake nuna wa masu neman hulɗa da kamfanin, ake kuma liƙawa a takardun neman kwangila. Ga abin da na tarar, bari mu kira shi Alhaji Wane:

"Dokta Injiniya Alhaji Wane gogaggen jagora ne mai hangen nesa, wanda ya shafe fiye da shekara 25 yana kawo sauyi a harkar makamashi a faɗin Afirka. Ya yi karatu a manyan makarantu na gida da waje, ya kuma samu lambobin yabo da dama. A ƙarƙashinsa kamfanin ya zama zakaran gwajin dafi."

Karanta shi sau biyu, sannan ka tambayi kanka: me na sani game da mutumin nan? Ba ka san abin da ya karanta ba. Ba ka san inda ya yi aiki ba. Ko matsayinsa a kamfanin ba a faɗa ba. Wannan kirari ne, kuma kirari yana da wurinsa, wato gidan biki. Amma jami'in banki da zai ba da rance, ko ma'aikacin da ke tantance 'yan kwangila, abu uku yake nema: wane ne wannan, me ya taɓa yi, kuma me yake da alhakinsa yanzu.

Tambaya ɗaya ga kowace jimla

Dabarar duka tana cikin tambaya guda. Ka ɗauki kowace jimla, ka ce: idan baƙo ya yi shakka, wace takarda ko wane mutum ne zai tabbatar masa? Amsar za ta raba maka rubutun gida uku.

Kashi na farko shi ne maganar da ba ta da hanyar zama gaskiya ko ƙarya, irin su "mai hangen nesa" da "zakaran gwajin dafi". Babu takardar da za ta nuna hangen nesa. Kashi na biyu shi ne gaskiyar da aka kumbura, kamar "faɗin Afirka" da "fiye da shekara 25". Akwai wani abu a ƙarƙashinsu, sai dai an hura masa iska. Kashi na uku shi ne maganar da ke da suna da shekara da shaida. A rubutun Alhaji Wane babu ko ɗaya daga wannan kashin.

Ɗalibai da yawa suna tsammanin kashi na farko ne matsala. A'a, na biyu ya fi haɗari. Kowa ya san "gogagge" ado ne, zai wuce shi. Amma shekara da digiri da muƙami ana iya bin diddiginsu, kuma ranar da aka bi aka tarar ba haka ba, duk sauran rubutun ya zube.

Akwai sanannen misali. A Janairun 2012 kamfanin Yahoo na Amurka ya naɗa Scott Thompson shugaba. Tarihinsa ya nuna yana da digiri a fannin akanta da kimiyyar kwamfuta daga kwalejin Stonehill, kuma maganar ta shiga har cikin takardun da kamfanin ya miƙa wa hukuma. Wani babban mai hannun jari, Daniel Loeb, ya bincika, aka tarar digirin akanta kawai ya yi. A watan Mayu na shekarar ya bar kujerar. Ka lura, yana da digiri na gaske. Ɗan ƙarin da aka yi ne ya jawo masa.

Zama da mai tarihin

Ba a gyara irin wannan rubutu daga kan tebur. Sai ka zauna da mutumin, ka roƙi ya kawo takardunsa. Ni na nemi minti talatin, na tafi da tsohon rubutun, na riƙa mayar da kowace kalmar yabo tambaya.

Na ce: "Ranka ya daɗe, shekara 25 ɗin nan daga yaushe aka fara lissafi?" Ashe daga lokacin da yake yaron shago a wurin kawunsa mai sayar da kayan wuta ne. Aikin da ke da takarda ya fara ne a 2008, bayan ya gama babbar difloma a 2006 da hidimar ƙasa. "Faɗin Afirka" kuwa aiki ɗaya ne a Maraɗi. "Karatu a waje" kwas ne na mako biyu, takardar halarta aka ba shi. "Lambobin yabo" allo ne da wata ƙungiyar matasa ta kawo bayan ya ba su gudummawa. "Dokta" kuma na girmamawa ne.

To amma ga abin mamaki. Da na tambaye shi rijiyoyi nawa kamfanin ya kammala, sai ya sa aka ɗauko fayil ɗin takardun kammala aiki. Muka ƙirga tare: 41, a Kano da Jigawa da Katsina. Wannan shi ne mafi ƙarfin abin da yake da shi, kuma kirarin ne ya danne shi.

Muƙami da laƙabi

Wuri biyu ne aka fi zamewa, kuma ya kamata a tsaya a kansu.

Na farko muƙami. "Darakta" kalma ce ta doka a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, tana riƙe da sunayen daraktocin kowane kamfani. Wanda ya kafa kamfani daban, mai hannun jari daban, shugaban hukumar daraktoci daban, manajan darakta mai tafiyar da aikin yau da kullum daban. Mutum ɗaya yana iya haɗa su duka, amma sai ka duba. Ka nemi takardar shaidar rajista, wadda ke ɗauke da lambar RC da ranar rajista, da kuma rahoton matsayin kamfani, wanda ke lissafa daraktoci. A namu, tsohuwar ƙasidar kamfani ta ce an kafa shi a 2010, takardar rajista ta ce 2014. Dukansu suna da asali: a 2010 ya fara karɓar ƙananan ayyuka a gefe. Muka rubuta 2014, domin ita ce baƙo zai gani idan ya bincika. Sai dai ka san iyakar wannan shaida. Rajista tana nuna kamfani yana nan da wanda ke riƙe da shi, ba ta nuna ko aikinsa yana da kyau.

Na biyu laƙabi. A Najeriya "Injiniya" ba ado ba ne. Majalisar COREN ce ke yi wa masu aikin injiniya rajista, kuma tana da matakai, matakin injiniya daban da na masanin fasaha, inda masu babbar difloma suka saba shiga. Oga yana da rajista a mataki na biyun, don haka muka rubuta hakan yadda yake. Digirin girmamawa kuma, idan har za a ambace shi, a faɗi cewa na girmamawa ne, a faɗi inda aka bayar da shekarar. Saka "Dokta" a gaban suna yana sa mai karatu ya ɗauka an yi karatun digiri na uku. Mu dai cire shi muka yi.

Sabon rubutun

"Alhaji Wane shi ne manajan daraktan kamfanin, wanda ya yi wa rajista a 2014. Shi ke amincewa da tsarin kowane aiki da farashinsa, kuma shi ke sa hannu a kwangiloli. Daga 2016 zuwa 2023 kamfanin ya kammala rijiyoyi masu famfon hasken rana 41 a jihohin Kano da Jigawa da Katsina, da aiki ɗaya a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Kafin nan ya yi aiki daga 2008 zuwa 2013 a wani kamfanin haɗa wutar lantarki a Kaduna, inda ya fara a matsayin mai kula da wurin aiki. Yana da babbar difloma a fannin lantarki, wadda ya gama a 2006, kuma yana da rajistar COREN a matakin masanin fasaha."

A rubutun na ainihi sunan makarantar da na tsohon wurin aikinsa suna ciki, ni ne na cire su a nan. Kada ka bar su a naka, domin "wani kamfani" ba ya tabbatuwa.

Duba abin da ya canza. Aikatau sun maye gurbin sifofi: yana amincewa, yana sa hannu, ya kammala. An ce kamfanin ne ya haƙa rijiyoyin, ba shi kaɗai ba, domin akwai ma'aikata. An kuma yi amfani da shekaru tsayayyu. Idan ka rubuta "shekara goma yana aiki", baɗi maganar ta tsufa. Idan ka rubuta "tun 2014", ba ta lalacewa. Haka adadin 41: an ɗaure shi da "zuwa 2023", don kada ya zama kuskure ranar da aka haƙa ta 42.

Inda ake samun cikas

Kada ka ɗauka oga zai yi murna nan take. Nawa ya karanta, ya ɗago kai ya ce: "Yaro, ka mayar da ni ƙaramin mutum." Ban yi musu ba. Na ce: "Ranka ya daɗe, duk wanda ke neman kwangilar nan zai rubuta cewa shi gogagge ne. Amma ba kowa ne zai iya rubuta 41 ya kawo fayil ba." Ya yi shiru, sannan ya ce a dawo masa da jimla ɗaya kan dalilin da ya sa ya shiga sana'ar. Wannan babu laifi, muddin an nuna maganarsa ce, ba hukuncin kamfani a kansa ba.

Sauran cikas biyu. Wani lokaci gaskiya ce amma ba ka da izinin faɗa, kamar sunan abokin ciniki ko kuɗin kwangila. A nan sai ka nemi izini, in ba a bayar ba ka faɗi irin aikin da jihar da shekarar kawai. Wani lokaci kuma gaskiya ce amma takardar ta ɓata. Ka ajiye maganar a gefe har a samo shaida, kada ka cike gurbin da "kimanin" ko "fiye da".

Kafin ka miƙa aikin, ka yi jeri mai layi biyu: kowace magana a gefe ɗaya, takardar da ta tabbatar da ita a ɗaya gefen. Ka ba mai tarihin ya karanta ya sa hannu, ka rubuta kwanan wata, ka ajiye kwafi. Sannan ka ba abokin ɗakinka rubutun, wanda bai san mutumin ba, ka tambaye shi: mene ne aikin mutumin nan, tun yaushe, kuma a ina ya koya? Idan ya amsa duka ukun ba tare da ya yi hasashe ba, ka gama. Idan ya ce "da alama dai babban mutum ne", to koma kan tebur, akwai sauran kirari.