Darasi na 8: Gwajin kyauta, da ranar da ake fara cirar kuɗi

'Yan uwa mata, wannan darasi daga kaina ya fito, don ni abin ya faru da ni. Ni ce ma'ajin ƙungiyarmu ta Tudun Jukun. Tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wasu daga cikinmu suka koma yin zubi ta tiransifa. Ƙungiya ba ta da asusun banki a lokacin, sai aka ce a riƙa turowa cikin nawa, ni kuma in ciro wajen mai POS in sa a akwati. Ku riƙe wannan, don nan ne gizo ya yi saƙa.

Ɗana na fari yana shirin jarrabawar JAMB. Ranar Litinin, 3 ga Maris, bayan sallar isha'i, ya same ni da wayarsa ya ce, "Umma, ara mini katinki. Wata manhaja ce ta tambayoyin jarrabawa, kyauta ce har kwana bakwai, ko sisi ba za su ɗauka ba." Na ce, "To in kyauta ce, me ya kawo kati?" Ya ce ai ƙa'ida ce kawai. Na miƙa masa. Tambayar da na yi daidai ce, kuskurena shi ne da ban tsaya na jira amsarta ba.

A kasuwar Tudun Wada, in mai dambun nama ta ba ki ɗanɗano, kika ɗanɗana kika wuce, magana ta ƙare. Gwajin kyauta na waya ba haka yake ba. Ya fi kama da ki ce wa mai nono ta riƙa kawo miki kullum har sai ranar da kika ce ta daina, ita kuma ta ce na makon farko ta yafe miki. In mako ya cika ba ki ce komai ba, shirunki amincewa ne, za ta ci gaba da kawowa tana ƙirga kuɗinta. Wato tun ranar da aka danna Start free trial an riga an ƙulla ciniki, biya ne kawai aka ɗaga zuwa gaba. Farashin da ranar fara biya galibi suna nan a rubuce ƙarƙashin wurin dannawa, da ƙananan haruffa, da Turanci. Na manhajar yarona naira 3,500 ne duk wata. Bai karanta ba, ni ma ban ce ya karanta mini ba.

Me suka ɗauka daga katin?

Abu uku ya kwafa daga jikin katin: doguwar lambar nan, wadda galibi 16 ce, sai wata da shekarar da katin zai daina aiki, sai ƙananan lambobi uku na baya da ake kira CVV. Daga nan shafin ya nemi PIN, na karɓi wayar na sa da kaina. Sai banki ya aiko da lambar OTP ta tes a wayata, na karanta masa. Nan take alat ya shigo, an cire naira 100. Yaro ya ce na tantance kati ne, kuma gaskiyarsa, kamfanoni da yawa suna cire ɗan abu kamar naira 50 ko 100 don su ga katin yana aiki, wasu su mayar, wasu ba sa mayarwa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne amfanin wannan naira 100 na biyu. A Najeriya yawancin masu sayar da abu ta intanet ba su ne ke karɓar bayanan kati da kansu ba. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Paystack da Flutterwave, su ne 'yan tsakiya tsakanin mai kaya da banki. Da zarar biyan farko ya wuce, ɗan tsakiya zai adana katin a wajensa, ya ba mai manhaja wata lambar shaida da ke tsayawa a madadin katin. Mai manhaja ba ya ganin cikakkiyar lambar katinki. Abin da yake gani shi ne irin katin, Verve ne ko Mastercard ko Visa, da sunan banki, da lambobi huɗu na ƙarshe, da lokacin ƙarewarsa. Ƙa'idar kamfanonin kati ta hana a adana CVV da PIN bayan an gama biya.

Da aka yi mini wannan bayani na ce to alhamdu lillahi, ashe ba su riƙe PIN ɗina ba. Sai aka ce, "Malama, ai ba sa bukatarsa." Lambar shaidar nan ita kaɗai ta isa. Da ita mai manhaja zai nemi kuɗinsa duk wata, banki ya biya, ba PIN, ba OTP, ba wanda zai kira ki ya ce kin yarda? Yardar da kika bayar daren farko ita ce ke aiki har gaba. Shi ya sa canza PIN ba ya tsayar da cirar. Na gwada, na ɓata kuɗin Keke zuwa wajen ATM a banza.

Wannan duka in kamfanin na gaskiya ne. In shafin na 'yan damfara ne, ba ruwansu da wata ƙa'ida, duk abin da aka rubuta sun kwashe. Kuma wanda ya kira ki a waya yana neman PIN ko OTP, ko da sunan wa ya zo, ɓarawo ne, ki kashe wayarki.

Yaushe cirar farko ke faɗowa?

Mu yi lissafin tare. An yi rajista Litinin 3 ga wata, wajen ƙarfe tara na dare. Kwana bakwai sun cika Litinin 10 ga wata, wajen ƙarfe tara na dare, kuma a daren aka cire naira 3,500. Ba a jira wayewar gari ba, ba a jira ƙarshen wata ba. Sai dai ba kowane kamfani ke ƙirga haka ba. Wani yana ɗaukar ranar rajista a matsayin kwana na ɗaya, sai cirar ta zo da wuri fiye da zatonki. Wani kuma agogon ƙasarsu yake bi, kina barci cikin dare kuɗi su fita. Masu wayar iPhone ma an gaya musu ƙarara su soke aƙalla awa 24 kafin gwaji ya ƙare. Don haka ranar da aka rubuta ba ranar sokewa ba ce, ranar biya ce.

Alat ɗin 10 ga Maris ya shigo, amma ya ɓace cikin sauran tes, ban lura ba. Wasu kamfanoni suna aiko da tunatarwa kafin ranar, sai dai ta imel, kuma imel ɗin yaro aka sa, wanda shi kansa ba ya buɗewa. Shi a wajensa ya gama da manhajar tun kwana na biyar, ya goge ta daga waya. Goge manhaja ba sokewa ba ne. Yarjejeniyar tana wajen kamfani, ba a cikin wayar take ba.

Ranar cirar farko ita ke zama ranar kowane wata. Saboda haka 10 ga Afrilu suka sake nema. Ranar ba komai a asusuna, bai wuce naira ɗari biyu ba, cirar ba ta yiwu ba. Wasu matan suna cewa, "Ni asusuna kullum fanko ne, me za su cire?" To ku ji. In ba su samu ba, ba haƙura suke yi nan take ba, suna sake gwadawa bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci sau da yawa. Asabar 12 ga Afrilu ranar taronmu ce. Mata tara suka turo zubinsu, dubu biyu-biyu, naira 18,000. Kafin in je wajen mai POS washegari, naira 3,500 ta fita daga ciki.

Ba kuɗina ba ne, na mutane ne. A taro na gaba aka buɗe littafi, lissafi ya ƙi cika. Ba wadda ta ce na ci, amma na ga yadda aka yi shiru, kuma da za a tambaye ni a lokacin ina kuɗin suka tafi, wallahi ban da amsa. Na cike daga jarin ƙosaina. Sai da na je banki aka buga mini takardar shige da ficen asusu, na ga suna iri ɗaya sau uku: 100, 3,500, 3,500. Naira 7,100 ke nan a kan manhajar da aka yi kwana biyar ana amfani da ita. Ma'aikaciyar bankin ta ce, "Hajiya, ba kutse aka yi miki ba, da hannunki kika ba da izini." Na ji zafin maganar, amma ban iya musawa ba. Ga yadda ake gane irin wannan cira: adadi ɗaya, suna ɗaya, kusan rana ɗaya a kowane wata, kuma ba OTP da ya zo kafin ta.

Yadda ake tsayar da ita

Inda aka ƙulla nan ake kwancewa. In ta Play Store aka yi rajistar, a buɗe shi da imel ɗin da aka yi amfani da shi, a taɓa hoton da ke sama ta dama, a shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, a zaɓi manhajar, a danna Cancel subscription, a bi har ƙarshe. In kuwa a shafin kamfanin aka sa katin, kamar namu, ba za a gan shi a can ba. Dole yaro ya sake sauke manhajar, ya shiga asusunsa, ya nemo wurin sokewa. Sun tambaye shi dalili, sun yi masa tayin ragi, sai a shafi na uku aka soke. A ɗauki hoton shafin da ya nuna an soke, shi ne shaidarki. In an sake cira bayan nan, ki kai ƙara banki da hoton. In banki bai warware ba, Babban Bankin Najeriya yana da sashen karɓar koken masu hulɗa da bankuna.

Ni shawarata, in har za a yi gwajin, a soke kwana biyu kafin ranar biya, a rubuta ranar a bangon littafin zubi. A wurare da yawa ko an soke tun ranar farko ana barin mutum ya ƙarasa kwanakinsa na kyauta, wasu kuma suna yankewa nan take, shafin sokewar zai faɗa. In an rasa hanyar sokewa gaba ɗaya, a je banki a ce a toshe katin a ba da sabo mai sabuwar lamba. Akwai kuɗin sabon kati, kuma ya fi kyau duk da haka a rubuta wa kamfanin cewa an fasa.

Bayan wannan muka sa doka biyu a kundin ƙungiya. Asusun da kuɗin zubi ke shiga, ba a sa katinsa a kowace manhaja, ba a ara wa kowa, ko ɗan cikinki ne. Sannan duk ƙarshen wata ma'aji ta kawo takardar asusu, sakatariya ta karanta layi-layi a gaban kowa.

Aikin wannan mako: duk mai kati ta duba alat ɗinta na wata uku da suka wuce, ta nemo adadin da ya maimaita kansa. Wadda ba ta karatun boko ta zo da wayarta taro, ta zauna kusa da sakatariya su duba tare, ba sai ta faɗi PIN ɗinta ba. Ranar da muka yi namu, mun samu mata biyu. Ɗaya ta kallon fina-finai ce, wata huɗu ana cira, mijin ya ɗauka ita ce, ita ta ɗauka shi ne.