Takardar Lauya Daban, Sammacin Kotu Daban

Jama'a su sani cewa ba kowace takarda mai hatimi ce ta fito daga kotu ba. A ce wani manomin citta a Fadan Kagoma ya karɓi naira dubu 400 daga hannun wani ɗan kasuwa na Kafanchan, bisa alkawarin zai ba shi citta in an haƙe. Sai ga annobar da ta ruɓar da citta a kudancin Kaduna a 2023, gona ba ta ba da kome ba. Bayan wata biyu aka kawo masa takarda, an ce ya biya cikin kwana 7.

Abin da zai fara dubawa shi ne saman takardar. Idan sunan ofishin lauya ne kawai, to, wasiƙar neman biya ce, watau gargaɗi. Ba umurnin alƙali ba ce, ba kuma ta ba kowa ikon taɓa kayansa ba. Haɗarinta yana wajen amsa. Manomin da ya yi gaggawar rubuta cewa ya yarda da bashin, ya sa hannu, ya miƙa wa mai bin sa shaida ke nan. Irin wannan rubutu yakan ma sabunta wa'adin da doka ta yanke na kai ƙara. Wataƙila kuwa ya riga ya biya dubu 150 da ba a lissafa ba.

Sammaci kuwa yana ɗauke da sunan kotu, da lambar ƙara, da sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara, da ranar zama ko kwanakin da aka bayar a amsa. Masinjan kotu ne yakan kawo shi. A nan shiru ne haɗari. Wasu sukan ƙi karɓa, suna zaton hakan zai kashe maganar, alhali kotu na iya ba da izni a liƙa shi a ƙofar gida. In mutum bai je ba, ana iya yanke hukunci ba ya nan, har a kai ga gwanjon kayansa.

To, wa za a tuntuɓa? A rubuta ranar da takarda ta iso, a kai ta ofishin rajistaran kotun da aka ambata, a tabbatar da lambar ƙarar. Rajistara ba lauyanka ba ne. Daga nan a nemi lauya, a tafi masa da rasit da sunayen shaidu. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976. Tana da ofishi a Kaduna.

Dagaci ko dattawa suna iya sasantawa, amma ba su da ikon ɗage ranar kotu. Ko an sulhunta, sai an je an shaida wa alƙali. 'Yan sanda kuma, dokarsu ta 2020 ta hana su kama mutum saboda bashi kawai.