Yadda ake share sawu a kwamfutar kafe kafin a tashi

A Safana da Batsari ba kowa ke da firinta a gida ba, kuma ba kowane shafi ne ke buɗewa da kyau a ƙaramar waya ba. Shi ya sa ɗalibin da zai duba ko ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da mai neman aiki da zai cike fom, duk sai sun bi ta kafe, ko a nan cikin gari, ko a Dutsin-Ma, ko a Katsina. Kwamfuta ɗaya ce, masu zama a kanta da yawa. Akasarinsu kuwa da zarar takarda ta fito daga firinta sai su danna alamar X da ke ƙuryar sama, su biya, su kama gabansu. Wannan dannawar taga kawai ta rufe, ba ta fitar da kai daga asusunka ba.

Mu ɗauki ɗaliba guda da ta zo duba sunanta a shafin JAMB. Ta shiga `efacility.jamb.gov.ng` da imel ɗinta da kalmar sirri, ta buɗe Gmail don ɗauko wani saƙo, sannan ta haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutar don ta turo hoton fasfo. Cikin rabin awa ta bar sawu iri huɗu. Akwai tarihin shafukan da ta buɗe, wanda shi ne mafi ƙarancin haɗari ko da yake shi mutane suka fi sani. Akwai kukis, wato ƴar shaidar da shafi ke ajiyewa a burauza bayan an shiga, don kada ya riƙa tambayar kalmar sirri a kowane motsi. Kukis tamkar katin da mai gadin babura ke ba ka ne ranar kasuwa: duk wanda ya miƙa katin shi zai fita da babur, ba a tambayarsa sunansa. Sai kalmar sirrin da Chrome ya nemi ya ajiye, ta danna Save cikin sauri ba tare da ta karanta ba. Na huɗu fayilolin da ta sauke. Wanda ya zauna bayanta, idan ya ga dama, zai iya shiga CAPS ya danna ƙin karɓar gurbin da ta shekara tana jira.

Abin da ya fi muhimmanci a aikin nan shi ne jerin da ake bi. Fita ake fara yi, sharewa ta biyo baya.

Ga dalili. Idan ka shiga Gmail a Chrome, sau da yawa burauzar ita kanta takan ɗauki asusun naka, ka ga hotonka ko harafin farko na sunanka a ƙuryar sama ta dama. In kuma aka kunna Sync, to duk abin da ka share a kwamfutar kafen zai iya gogewa har a asusunka na Google, wato har a wayarka. Mutum sai ya koma gida ya tarar kalmomin sirrin da ya daɗe yana dogaro da su sun tafi. Ƙari a kan haka, muddin Chrome na riƙe da asusunka, share kukis ba lallai ya fitar da kai daga Google ba, shi kansa yakan rubuta haka a ƙaramin rubutu cikin akwatin sharewar. Saboda haka ɗalibar tamu za ta fara danna Logout a shafin JAMB. Sai ta koma Gmail, ta danna hotonta, ta danna Sign out. Shafin da zai biyo baya yakan nuna adireshin imel ɗinta a jere da na waɗanda suka gabace ta. A ƙasa akwai Remove an account, ta danna, ta cire nata. Daga nan ta duba ƙuryar sama ta Chrome ɗin. Idan har yanzu hotonta na nan, ta shiga Settings ta kashe Sync ta fita.

WhatsApp kuwa daga waya ake sallamarsa. A buɗe shi, a shiga Linked devices, a taɓa sunan kwamfutar, a danna Log out. Kada a raina wannan. Idan aka bar shi, hirarrakin gida da hotunan iyali za su ci gaba da bayyana a kwamfutar nan kwana da kwanaki, mai su na can gida bai sani ba.

Yanzu sai kalmar sirri. Na fi son a bi ta da hannu maimakon a dogara da sharewar gama-gari. A wurin rubuta adireshi a rubuta wannan:

```
chrome://password-manager/passwords
```

Kwamfutocin kafe da dama tsofaffi ne, wasu har yanzu Windows 7 ke kansu, kuma Chrome ya tsaya musu a sigar 109 tun farkon 2023. A irin waɗannan, adireshin shi ne:

```
chrome://settings/passwords
```

Jerin shafuka zai fito, kowanne da sunan mai shiga. Ka nemi naka, ka buɗe, ka danna Delete, ko Remove a tsohuwar siga. Dubi alamar ido da ke gefen ɗige-ɗigen nan: wanda ya danna ta zai ga kalmar sirrin ɓaro-ɓaro. Chrome yakan nemi kalmar sirrin Windows kafin ya nuna, amma mai shago ya san ta, yaran shago sun san ta, wata kwamfutar ma ba a sa mata komai ba. In ka tarar da na wasu a jerin, kada ka leƙa, amana ce. Ka dai sanar da mai kafen.

Sai babbar sharewa. A danna maɓallai uku tare:

```
Ctrl + Shift + Delete
```

Akwati zai buɗe mai suna Delete browsing data, ko Clear browsing data a tsofaffin sigogi. In akwai sashen Advanced a shiga shi, don a nan abubuwan suka cika. Abu na farko da za a duba shi ne Time range, kuma a nan mutane suka fi tuntuɓe. Idan yana kan Last hour alhali ka shafe awa biyu kana jiran netwok, to sawun awar farko na nan daram. In kuma makon jiya ma ka zauna a kan wannan kwamfutar, Last 24 hours ba zai taɓa na wancan zaman ba. All time shi ke kwashe komai. Sai a sa alama a Browsing history, Download history, Cookies and other site data, Cached images and files, da Autofill form data. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, alhali shi ke sa in wani ya fara rubuta 080 a fom sai lambar wayarka ta faɗo masa, wani lokaci har da lambar NIN da ka taɓa rubutawa. Sannan a danna Delete data ko Clear data.

A tsofaffin sigogi akwai layin Passwords and other sign-in data a cikin akwatin. A nan sai an yi hattara. Mai kafe ma yana da nasa asusun da ya ajiye a kwamfutar, na shafin da yake sayen katin duba sakamako ko na biyan kuɗi. Ka haɗa wannan layin da All time, ka kwashe masa komai, gobe sai rigima. Shi ya sa na ce a cire kalmar sirri da hannu tukuna. Ko share kukis na All time ma zai fitar da shi daga shafukansa, don haka ladabi ne ka ce masa, "Malam, zan share kukis, akwai abin da ka bari a buɗe?" Mai kafen kirki ba zai ƙi ba.

Idan Firefox ne, maɓallan nan uku suna aiki, sai dai ba sa taɓa kalmomin sirri ko kaɗan. Sai ka rubuta `about:logins` ka cire naka a can. Edge kusan tafiyarsu ɗaya da Chrome.

Share Download history sunayen fayiloli kawai yake gogewa daga jeri, su fayilolin suna nan zaune a kwamfuta. Duk wanda ya taɓa buɗe foldar Downloads a kafe ya san abin da nake nufi: takardun NIN, hotunan fasfo, takardun haihuwa, sakamakon WAEC da NECO, na mutane barkatai, wasu sun shekara a wurin. Ɗalibar tamu za ta buɗe Downloads, ta duba Desktop, ta tambayi inda na'urar sikan ke zuba abin da ta ɗauka. Ta zaɓi nata ta danna Shift + Delete, wanda ke gogewa ba tare da ya bi ta Recycle Bin ba. In ta riga ta goge da Delete kawai, ta buɗe Recycle Bin ta ƙarasa.

Kafin tashi a gwada. A rufe burauzar gaba ɗaya, a sake buɗewa, a rubuta `mail.google.com`. Idan ya nemi imel daga farko, aiki ya yi. In akwatin saƙonninka ya buɗe kai tsaye, ko ka danna wurin rubuta imel sai adireshinka ya leƙo, akwai saura. Ctrl + H kuma zai nuna ko tarihi ya tafi.

Akwai ranar da duk wannan ba zai yiwu ba. Wuta ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare, allo ya yi baƙi kana tsakiyar aiki, ga direba na kira mota ta cika, kuma ba mai son yamma ta yi masa a hanya. Mutuwar kwamfuta ba ta fitar da kai daga komai ba. Da an kunna ta Chrome zai nuna Restore, duk shafukanka su dawo wa na gaba. Maganin yana wayarka. Da ka samu netwok ka shiga `myaccount.google.com`, ka je Security, ka nemi Your devices, ka zaɓi kwamfutar Windows ɗin da ba taka ba, ka danna Sign out. Sannan ka canza kalmar sirrin imel da ta JAMB.

Wanda ya fara aikinsa a tagar Incognito, da Ctrl + Shift + N a Chrome ko Ctrl + Shift + P a Firefox, ya rage wa kansa wahala sosai, domin tarihi da kukis suna tafiya da an rufe tagogin duka. Fayilolin da aka sauke dai suna nan, sai an bi su.

Sharewa tana da iyaka. Ba ta maganin manhajar da ke naɗe duk abin da aka buga a madannai, in an dasa ta a kwamfutar, kuma ba za ka gane ta da ido ba. Ba ta kuma maganin abin da aka fi yi a wajenmu, wato mutum ya rubuta imel da kalmar sirri a ƴar takarda ya miƙa wa yaron shago ya shigar masa, ko ma yaron ne ya buɗe masa imel ɗin tun asali, ya zaɓa masa kalmar da yake zaɓa wa kowa. In haka taka take, canza ta yau a wayarka, ka karɓi takardarka ka yaga. Harkar banki kuwa kada ka kai ta kwamfutar kafe ko da wasa, ka yi ta a wayarka.